Zuwa da Kai Ko Jiran Aike? Muhawara Kan Manhajar da Ke Yawan Leƙen Allon Ayyuka

Akwai wani ɗan kamfanin haɗa sola da gyaranta a nan Suleja da nake taya su aikin kwamfuta. Ma'aikatansu ba su kai goma ba, amma kwastomominsu sun bazu daga Kwamba zuwa Gauraka, daga Maje zuwa Madalla har Zuba. Ƙanen mai kamfanin shi ne ya fara rubuta musu manhaja, kuma da yake a GitHub yake ajiye aikinsa, sai ya mayar da sashen `Issues` na can ya zama allon ayyukan kamfanin. Kowane gyara yana da katinsa, kowane kati yana da lamba, ana manna masa alama: `ana-jira`, `ana-aiki` ko `gaggawa`. Idan an gama sai a rufe katin. Ya kuma rubuta wata 'yar manhaja da ke leƙa katunan kowane minti, idan alamar wani ta canza sai ta nuna a fuskar kwamfuta ta yi ƙara.

Wata ranar zafi, wata mai sayar da ƙanƙara a Madalla ta kira ta ce injin juya wutarta ya tsaya, firizoji suna narkewa. Wanda ya ɗauki kiran yana waje, sai ya buɗe katinta a wayarsa ya mayar da alamar `gaggawa`, ya ci gaba da harkarsa da tunanin ofis ya gani. Ofis bai gani ba. Kwamfutar ta yi shiru har kusan kwata, a cikin wannan shirun mai gyaran da ke zaune ya hau babur ya nufi Maje wani aikin da zai iya jira har gobe. Da ƙarar ta tashi, sai da aka kira shi ya juyo, ya ratsa gari ya shiga cunkoson hanyar Madalla.

Da yamma mai gyaran ya ce shi dai ya san netuwok ne, a canza layi kawai. Na zauna na buɗe ainihin amsar da GitHub ke mayar wa manhajar, sai na tarar layin lafiya lau yake. Ga abin da ke saman amsar:

```
HTTP/2 403
x-ratelimit-limit: 5000
x-ratelimit-remaining: 0
```

Ma'anarsa a fili take. GitHub yana ba kowane mai asusu damar tambaya 5,000 a sa'a guda idan ya zo da mabuɗinsa, wanda bai zo da mabuɗi ba kuwa 60 kacal yake samu. Mun cinye kasonmu, an rufe mana ƙofa. Lissafin ba shi da wuya. Katuna 40 ne a buɗe, manhajar tana tambayar kowanne shi kaɗai sau ɗaya a minti, wato tambaya 2,400 a sa'a. Wannan bai kai rabin kason ba, shi ya sa watannin farko ba a ga komai ba. Daga baya aka ɗora manhajar a kwamfutar sito da ta mai kamfanin, duka da mabuɗi ɗaya. Kwamfuta uku suka koma tambaya 120 a minti, wadda ke cinye 5,000 a cikin minti 42. Sauran minti 18 na kowace sa'a manhajar makauniya ce. Abin da ya ƙara ɓoye matsalar shi ne ƙanen mai kamfanin bai koya mata bambanta "babu canji" da "an hana ki" ba. Duk amsar da ba ta fahimta ba sai ta wuce ta shiru, ta sake ƙwanƙwasawa bayan minti ɗaya.

Wannan ita ce alamar da nake so mai karatu ya riƙe. Matsalar netuwok ba ta da agogo, tana zuwa yadda ta ga dama. Idan ka ga manhaja tana aiki tsawon wani lokaci, ta mutu tsawon wani lokaci, ta farfaɗo da kanta, kuma hakan yana maimaituwa kowace sa'a kamar an auna, to kaso ne ya ƙare.

Kowa ya yarda a gyara. Inda aka rabu shi ne yadda za a gyara, kuma rabuwar ta ɗauke mu kwanaki. Ɓangare ɗaya ya ce a ci gaba da leƙen amma a koya wa manhajar ladabi. Ɗaya ɓangaren ya ce leƙen kansa shi ne cutar, a daina shi, a sa GitHub ya riƙa aiko mana da labari duk lokacin da wani abu ya canza.

Kafin a kai ga waɗannan biyun, mai kamfanin ya kawo tasa shawarar. Ya ce da ƙanensa: "Kai, tunda mabuɗi ɗaya ne ya yi kaɗan, ka yanka uku mana, kowace kwamfuta da nata." Ya kama rabin gaskiya, domin ya gane cewa haɗa kwamfuta uku a kaso ɗaya ne ya kawo mu nan. Inda shawarar ta gaza shi ne, GitHub ba mabuɗi yake ƙirgawa ba, mai asusun yake ƙirgawa. Ko mabuɗi goma ka yanka daga asusu ɗaya, a tukunya ɗaya suke ci. Idan kuma aka ce kowane ma'aikaci ya sa nasa asusun, an sayi lokaci ne kawai: ranar da katuna suka kai 84, kwamfuta ɗaya ma za ta haura 5,000 ita kaɗai.

Hujjar masu cewa a ci gaba da leƙe

Ni ne na fara tsayawa a wannan ɓangaren, kuma hujjata ta farko ita ce ba mu taɓa buƙatar tambaya 7,200 ba. Wanda ya je tasha neman labarin motoci arba'in ba ya bin direbobi ɗaya bayan ɗaya, wurin ɗan kamasho yake zuwa ya ce, wace mota ce ta shigo tun ɗazu? GitHub yana da irin wannan ƙofar. Ana iya tambayarsa jerin katunan da aka taɓa tun daga wani lokaci, a tambaya guda:

```
GET /repos/OWNER/REPO/issues?state=all&since=2025-03-10T09:14:00Z&per_page=100
```

Idan aka yi haka sau ɗaya kowane minti biyu, tambaya 30 ke nan a sa'a. Ko kwamfuta ukun suka ci gaba da yi, 90 ne daga cikin 5,000. Katuna su zama ɗari biyu, adadin tambayar bai motsa ba, domin abin da ya canza kaɗai ake kawowa.

Akwai ramuka biyu a wannan layin, kuma na ga an faɗa duka biyun. Na farko shi ne `state=all`. Idan ba ka rubuta shi ba, GitHub katunan da ke buɗe kaɗai zai ba ka. Aikin da aka gama aka rufe ba zai fito a jerin ba sam, manhajar kuma za ta ci gaba da nuna shi a matsayin `ana-aiki` har abada. Na biyu shi ne lokaci. Harafin `Z` da ke ƙarshen `since` yana nufin agogon duniya, mu kuwa a Najeriya muna gaba da shi da sa'a ɗaya. Wanda ya kwafi ƙarfe 10:14 daga agogon kwamfutarsa ya liƙa masa `Z`, ya tambayi abin da ya canza daga sa'a guda mai zuwa, za a yi ta ba shi jeri wayam yana ganin komai lafiya. Maganin shi ne kada a taɓa agogon kwamfuta. Kowane kati yana zuwa da `updated_at` daga GitHub, sai a ɗauki mafi sabo a cikinsu a ajiye, shi za a sa a tambaya ta gaba. Wani lokaci kati ɗaya zai dawo sau biyu, don haka manhajar ta riƙa kwatanta alamarsa da wadda ta ajiye kafin ta yi ƙara.

Hujja ta biyu ita ce ko waɗannan talatin ɗin ana iya samun yawancinsu kyauta. Kowace amsa tana zuwa da wani hatimi mai suna `ETag`. Idan manhajar ta ajiye shi, ta mayar da shi a tambaya ta gaba a ƙarƙashin `If-None-Match`, to matuƙar babu abin da ya canza GitHub zai amsa da `304` ba tare da ya sake turo jerin ba. Irin wannan amsar, idan an yi tambayar da mabuɗi, ba a cire ta daga kason 5,000. Tana kuma rage cin data, abin da duk mai sayen data da kuɗinsa zai yi maraba da shi. Sharaɗin shi ne tambayar ta kasance iri ɗaya sak da ta baya, kuma a nan ne amfani da `updated_at` ya sake yin rana: tunda `since` ba ya motsi sai an sami canji, tambayar ba ta canza kama, hatimin yana ci gaba da aiki.

Hujja ta uku ita ce ladabin da ake bi idan an riga an hana ka. GitHub ba ya rufe ƙofa ba tare da ya faɗi lokacin buɗewa ba. Idan amsar `403` ce ko `429` kuma akwai `retry-after`, adadin daƙiƙun da za a jira ke nan. Idan babu shi amma `x-ratelimit-remaining` ya koma sifili, sai a duba `x-ratelimit-reset`, a jira har lokacin da ya nuna. Idan duka biyun ba su ce komai ba, a jira aƙalla minti ɗaya, in an sake hana ka a jira biyu, sannan huɗu, sannan takwas, a kuma sa iyakar gwaji. Ana ƙara 'yan daƙiƙu na kan-mai-uwa-da-wabi a kan kowane jira, domin kada kwamfuta ukun su farka a daƙiƙa ɗaya su sake rugawa ƙofar tare, kamar yadda suke yi idan wuta ta dawo. Wannan ba kunya ba ce kawai: GitHub ya faɗa a ƙa'idojinsa cewa ci gaba da turo tambaya bayan an hana ka yana iya sa a dakatar da manhajarka. Zafin nema ba ya kawo samu. Abu na ƙarshe kuma, wanda da an yi shi tun farko da ƙanƙarar Madalla ba ta narke ba: duk lokacin da aka hana manhajar, ta rubuta a fuskar kwamfuta da jan rubutu cewa ba ta gani, ta kuma nuna lokacin da ta yi leƙen ƙarshe mai nasara.

Hujjar masu cewa a jira aike

Yayar matar mai kamfanin injiniyar manhaja ce, a Abuja take aiki, kullum tana bin hanyar Zuba safe da yamma. Ta fi mu duka sanin wannan fanni, kuma ba ta gamsu da maganata ba. Ta ce da ni: "Malam, ka gyara lissafi amma ba ka gyara tunani ba. Katunan nan sau nawa suke canzawa a wuni? Da ƙyar su kai sau ashirin. Kai kuma za ka tambaya sau ɗari uku daga takwas na safe zuwa shida na yamma. Yaron da ke zuwa kicin kowane minti biyu yana tambaya ko tuwo ya nuna, ai ce masa ake yi ya je ya zauna za a kira shi."

Abin da take nufi shi ne webhuk. A saitin ma'ajiyar aikin akwai sashen `Webhooks`. Kana ba GitHub adireshin wata sabarka, ka zaɓi `Issues`, daga nan duk lokacin da aka buɗe kati, ko aka rufe, ko aka manna masa alama, shi da kansa zai turo saƙo zuwa adireshin. Ta jera amfani uku, kuma ban iya musa ko ɗaya ba.

Na farko, saƙon da GitHub ya aiko ba ya cin kason kowa, don haka maganar 5,000 ta fita daga lissafi. Na biyu, sauri. Mai leƙe kowane minti biyu yana makara da minti ɗaya a matsakaici, minti biyu a mafi muni, kuma ba shi da hanyar rage wannan sai ta ƙara yawan tambaya. Aike kuwa yawanci a cikin daƙiƙu yake isowa. Na uku shi ne wanda ya fi kama ni. Mai leƙe hoto yake ɗauka, abin da ya faru tsakanin hoto biyu ba ya ganinsa. A ce an rufe kati bisa kuskure aka sake buɗe shi a cikin minti ɗaya, ko an sa `gaggawa` wani ya cire ta kafin leƙe na gaba. A wurin mai leƙe alamar tana nan yadda take. Webhuk kuwa yana kawo kowane motsi da sunansa, `closed`, `reopened`, `labeled`, `unlabeled`, tare da asusun wanda ya yi shi. Ga mai kamfanin da ke son sanin wa ya cire alamar gaggawa daga katin kwastoma, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ta ƙara da wata magana da ya kamata a yi wa adalci. Ta ce iyakar da ake sawa ba rowa ba ce. Sabar da muke tambaya miliyoyin mutane ne ke tambayarta, kuma lambar `429` da aka shigar cikin ƙa'idojin intanet a watan Afrilun 2012 an yi ta ne domin saba ta iya ce wa mai yawan ƙwanƙwasawa ya dakata. A ganinta, wanda ya ƙware wajen tsayawa daf da iyaka ba tare da ya taka ta ba har yanzu yana ɗora wa wasu nauyin da bai zama dole ba.

Inda aike ke tuntuɓe a Suleja

Tambayar da na mayar mata guda ɗaya ce: "Yaya, wa zai karɓi aiken?" Ɗan aike yana buƙatar gida mai adireshi, ƙofa a buɗe, da mutum a ciki. Ofishinmu da 'yar na'urar intanet ta layin waya yake aiki. Irin wannan layin yawanci kamfanin waya yana haɗa mutane da yawa ne a bayan adireshi ɗaya, kana iya fita ka tambayi duniya amma duniya ba ta iya shigowa ta same ka. Wannan haɗin adireshin ne ma ya sa tambaya 60 ta marasa mabuɗi ba abin dogaro ba ce a layin waya, domin da adireshi ake ƙirga ta, wataƙila wani da ba ka sani ba ya riga ka cinye ta.

Ko da an warware maganar adireshi, sai ta wuta da ta layi. GitHub yana jiran sabarka ta amsa a cikin daƙiƙa 10. Idan ba ta amsa ba, ya rubuta cewa saƙon bai isa ba, kuma ba ya sake turo shi da kansa. Yana ajiye tarihin aiken na kwanaki uku, kana iya shiga ka sa a sake turowa, amma sai ka san cewa akwai abin da ya wuce ka. A nan ne matsalar take. Mai jiran aike ba ya iya bambanta shirun "babu labari" da shirun "ɗan aike ya zo bai same ka ba". Irin makantar da ta same mu tun farko ce ta dawo da wata riga. A garin da ɗauke wuta ba labari ba ne, kuma layi yana iya tsinkewa da tsakar rana, kwamfutar ofis ba za ta iya zama wannan gidan ba. Mai leƙe kuwa ko ya yi sa'a biyar a kashe, yana tashi zai tambayi abin da ya canza tun `updated_at` ɗin da ya ajiye, ya cike gurbin da tambaya ɗaya. Hausawa da suka ce zuwa da kai ya fi aike sun san abin da suka gani.

Ta ce wannan ai sananne ne, shi ya sa ake hayar saba a wajen masu hayar, wadda ba ta sanin an ɗauke wuta. Gaskiya ne, amma sai mu duba abin da ke biyo baya. Yawancin masu hayar da dala suke karɓa kowane wata. Adireshin da ka buɗe wa GitHub ka buɗe wa kowa ne, don haka dole a sa kalmar sirri, manhajar ta riƙa tantance sa hannun da ke zuwa a `X-Hub-Signature-256`, in ba haka ba wani yana iya turo mata ƙaryar cewa an gama aiki. Saƙonni ba lallai su iso a jere yadda suka faru ba, sai an duba lokacin da ke cikinsu. Sannan bayan sabar ta karɓi labari, har yanzu sai an san yadda zai sauko zuwa kwamfutar ofis ko wayar mai gyara. Duk wannan ƙaramin aiki ne a wurinta. A wurin ƙanen mai kamfanin, wanda shi zai zauna da abin idan ta tafi Abuja, sabbin ƙofofi huɗu ne da kowacce ke iya lalacewa.

A nan ta yi abin da ya sa na ƙara girmama ta. Ta ce ko a wurin aikinta ba sa barin webhuk shi kaɗai, suna da wata manhaja da ke zagayawa lokaci-lokaci tana duba ko akwai abin da ya faɗi a hanya. Wato mai jiran aike ma sai ya riƙa leƙawa, sai dai a hankali. Ni ma na amsa mata cewa maganar hoto biyu gaskiya ce, leƙen jerin katuna ba zai nuna motsin da aka yi aka warware a tsakani ba, sai in an koma an tambayi tarihin katin daban.

Auna ɓangarorin

Da muka kai nan sai na ga ashe tambayoyi uku ne ke raba gardamar, kuma ba GitHub ne zai amsa su ba, mai aikin ne.

Ta farko, makara ta minti nawa ce ke jawo asara? Mai gyaran da ya ɗora laifi a kan netuwok shi ne ya ba da amsar da ta fi amfani, ba tare da ya san ya shiga muhawarar ba. Ya ce shi daga jin ƙara zuwa ɗaure kaya a babur yana cin minti biyar, daga ofis zuwa Madalla kuma ya danganta da hanya. Wanda tafiyarsa ke cin rabin sa'a ba zai ji bambancin daƙiƙa uku da minti ɗaya ba. Minti 18 ne suka cuce mu, ba minti biyu ba. Da a ce manhajar tana jiran canjin kati ne domin ta saki kuɗi ko ta tayar da wani aikin da mutum ke tsaye yana jira, da amsar ta bambanta.

Ta biyu, akwai gidan da ba ya rufewa, da kuma mai kula da shi? Idan akwai saba a kunne dare da rana da wanda ya san ta, hujjar aike ta yi ƙarfi ƙwarai. Idan babu, webhuk zai ƙara wa mutum makanta ne.

Ta uku, halin da kati yake ciki yanzu kake buƙata, ko tarihin duk wanda ya taɓa shi? Mai neman halin yanzu, leƙe ya ishe shi. Mai neman tarihi nan take, aike ya fi masa.

Wannan awo bai tsaya a GitHub ba. Trello, alal misali, da daƙiƙa 10 yake ƙirgawa: tambaya 100 ga kowane mabuɗin mai amfani, 300 ga mabuɗin manhaja. A can wanda ya harba tambayoyi da yawa lokaci ɗaya ne ke shan `429`, ko da jimillarsa ta sa'a kaɗan ce. GitHub ma yana da irin wannan iyaka ta biyu a kan yawan tambaya a lokaci guda, bayan ta sa'a. Adadin yana canzawa daga allo zuwa allo, kuma masu su suna iya sauya shi, shi ya sa manhaja mai hankali take karanta abin da amsa ta faɗa maimakon ta haddace lamba.

Hukuncina shi ne, ga ƙaramin wurin aiki irin namu a Suleja, leƙe mai ladabi ne ya kamata ya zama tushe. Kwamfuta ɗaya ce ke tambaya yanzu, ta raba wa sauran biyun. Tana tambayar jeri ɗaya da `since` da `state=all`, tana riƙe hatiminta, tana jira idan an ce ta jira, tana kuma faɗa da babbar murya idan ba ta gani. Webhuk ƙari ne da za a ɗora a kai ranar da aka sami saba da mai kula da ita, kuma ko a ranar ba za a kashe leƙen ba, za a dai rage shi zuwa sau ɗaya a kwata ko rabin sa'a.

Ba a kan komai muka daidaita ba. Injiniyar har yanzu tana ganin jinkirta webhuk jinkirta koyo ne, kuma gara yaron ya koya yanzu da katuna 40 da ya koya a ruɗe ranar da suka zama 400. Mai kamfanin yana son a mayar da leƙen kowane daƙiƙa 30 tunda kaso ya wadata, ni kuma ina ganin minti biyu ya isa. Wannan gardamar tana nan.

Kai kuma mai karatu, idan kana da manhajar da ke leƙa wani allo, kada ka jira sai kayan wani sun narke. Buɗe ta yau, ka ninka yawan katunanka da yawan leƙenka a sa'a da yawan kwamfutocin da ke amfani da asusu ɗaya, ka kwatanta da `x-ratelimit-limit`. Sannan ka cire mata layi da gangan ka ga abin da za ta nuna. Idan ta yi shiru kamar komai lafiya, to daga nan za ka fara gyara.